Kaciyar Mata a Ɗakin Haihuwa: Illolinta da Aikin Ungozoma

Kaciyar mata ita ce yanke wani ɓangare na al'aurar mace ta waje, ko ji mata rauni, ba tare da wani dalili na magani ba. Galibi tun yarinya tana jaririya ko tana ƙarama ake yi, ciwon ya warke, a manta da shi. Abin da ya rage a wurin tabo ne, kuma tabo ba ya miƙewa kamar sauran naman jiki. Naman farji an halicce shi ne yadda zai buɗe sannu a hankali har kan jariri ya wuce, sannan ya koma. Inda aska ta bi kuwa, naman da ya maye gurbin na asali yana da tauri, jini bai ratsa shi sosai ba, in an matsa masa sai dai ya tsaya cak ko ya tsage. Kusan dukkan matsalolin da kaciya ke jawowa ranar haihuwa daga wannan tabon suke tasowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa kaciyar gida 4. Nau'i na 1 shi ne yanke ɗan tsaka ko fatar da ta lulluɓe shi. A nau'i na 2 ana haɗawa da ƙananan leɓɓan farji, wani lokaci har da manyan. Nau'i na 3 shi ne mafi muni: bayan an yanke leɓɓan sai a haɗe gefe biyun su warke tare, su zama marfin fata da ya rufe mafitar fitsari da yawancin bakin farji, a bar 'yar ƙaramar kafa a ƙasa don fitsari da jinin al'ada. An fi samun wannan a Sudan da Somaliya da Jibuti da Eritiriya da wasu sassan Habasha, kuma Hausawan da ke zaune a Sudan, a wurare irin su Mai Wurno da Gadarif, cikin al'ummar da ta san shi suke rayuwa. Nau'i na 4 ya tattara sauran raunukan, kamar tsaga da huda da kankara da ƙuna. A nan ne yankan gishiri da cire angurya, waɗanda aka sani a ƙasar Hausa, suka faɗo. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2024 cewa mata da 'yan mata fiye da miliyan 230 ne suke raye da ɗaya daga cikin waɗannan nau'o'i.

An daɗe ana gardama kan ko kaciya tana da tasiri a haihuwa, har zuwa 2006, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon wani babban bincike. An bi haihuwar mata 28,393 a cibiyoyi 28 na ƙasashe 6: Burkina Faso, Gana, Kenya, Nijeriya, Senegal da Sudan. Da aka gwada masu nau'i na 3 da waɗanda ba a yi wa kaciya ba, sai aka ga haɗarin a yi musu tiyata ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, haɗarin zubar jini bayan haihuwa kuma da kusan kashi 70. Jariran ma ba su tsira ba. Haɗarin a haifi jaririn ba rai, ko ya rasu kafin a sallami uwar, ya ƙaru da kashi 32 a nau'i na 2, da kashi 55 a nau'i na 3. Masu binciken sun ƙiyasta cewa a irin waɗannan wurare kaciya tana ƙara mutuwar jariri 1 zuwa 2 a kowace haihuwa 100. Duk matan nan kuwa a asibiti suka haihu, gaban ma'aikata. Wadda ta durƙusa a ɗaki, ba almakashi ba allura, ba a tsammanin nata zai fi haka sauƙi.

Naƙuda takan tsaya ne a ɗaya daga cikin wurare biyu, kuma rarrabe su shi ne babban aikin ungozoma. Na farko can sama ne, a ƙashin ƙugu: kan jariri ya fi ƙarfin hanyar, ko kwanciyarsa ba daidai ba ce, sai ya kasa gangarowa. Kaciya ba ta taɓa ƙashi, don haka ba ita ke kawo wannan ba, an fi ganinsa ga yarinyar da ta yi ciki ƙugunta bai gama buɗewa ba. Na biyu a bakin hanya ne: kan ya wuce ƙashi lafiya, ya iso ƙasa, sai tabo ya tare shi. Maganin na farko tiyata ce, ba wani yanka a farji da zai amfana. Na biyu kuwa aikin 'yan mintoci ne a hannun wadda ta koya. In aka ɗauki ɗaya a matsayin ɗaya, ko dai a yi wa mace tiyatar da ba ta buƙata, ko a yi ta yankan nama alhali cikas ɗin a ƙashi yake.

Kuskure na biyun nan shi ne tushen yankan gishiri a lokacin naƙuda. Idan mace ta kwana ta wuni a durƙushe, musamman mai haihuwar fari, dangi sukan ce gishiri ne ya tare hanya, sai a kira wanzami ko ungozomar gargajiya a tsaga bangon farji da aska ko reza, galibi ta ɓangaren gaba. Mai yankan ba ya ganin inda askarsa take bi, bayan wannan bangon kuwa mafitsara da bututun fitsari suke, tsakaninsu ba wani kauri. In tsagar ta yi zurfi sai ta huda su, fitsari ya riƙa bin farji dare da rana. In ta ɓangaren baya aka yi, dubura ce ke cikin haɗari. Wani nazari da aka yi a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kan mata 1,443 masu yoyon fitsari tsakanin 1969 da 1980, ya danganta kusan kashi 13 cikin 100 da yankan gishiri, yawancin sauran kuma da doguwar naƙuda. Ko bai huda komai ba, yankan yana cin lokacin da ya kamata a ce an kama hanyar asibiti, yana zubar da jini, yana buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta, har da na sarƙewar haƙora.

Saboda haka kulawar kirki tun a wurin awo take farawa. Ungozomar asibiti takan keɓe mace, ta tambaye ta da kalmomin da ta sani. Mata da yawa za su ce ba a yi musu kaciya ba, ba don ɓoyewa ba, sai don suna jarirai aka yi, ko don ba su ɗauki cire angurya a matsayin kaciya ba. Tambaya irin "Baiwar Allah, ko kin taɓa jin an ce wanzami ya yi miki wani aiki a gabanki?" ta fi fitar da amsa. Sannan, da izininta, a duba. Ana so a ga ko mafitar fitsari a fili take ko fata ta rufe ta, ko bakin farji zai karɓi yatsu 2 ba tare da azaba ba, da kuma ko akwai ƙullutu ko ƙurji ko tabo mai tudu. Fuskar ungozoma a wannan lokaci ma tana cikin aikin. Macen da ta ga an yatsina fuska, ko an kira abokan aiki su zo kallo, ba za ta dawo awo ba, kuma a gida za ta haihu. Abin da aka gani a rubuta shi a katin awo, domin wadda za ta karɓi haihuwar da tsakar dare ba lallai ba ne ita ce ta yi awon.

Ga masu nau'i na 1 da na 2, yawanci haihuwa takan zo kamar ta kowa, sai dai ana sa ido a kan tabon idan kai ya fara bayyana. Ungozoma takan tallafi wurin da hannu, ta sa uwar ta sassauta nishi don kan ya fito a hankali. Ba a yi wa mace ƙari don kawai tana da kaciya. Sai in an ga naman ya ɗame, ya yi fari, ya ƙi ba da hanya, ko bugun zuciyar jariri ya nuna yana wahala. In za a yi, ana yanka ne a karkace zuwa gefe, nesa da dubura.

Mai nau'i na 3 kuwa dole a buɗe marfin kafin jariri ya fito. Ana iya yi tun da ciki, galibi a watannin tsakiya, daga wajen mako na 20, domin wurin ya warke kafin naƙuda, awo da gwajin fitsari kuma su yi sauƙi. Ana kuma iya bari sai naƙuda. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2016, ta amince da duka biyun, ta ce a duba ra'ayin macen, da nisanta da asibiti, da ƙwarewar wadda za ta yi aikin. Wadda ke zaune nesa, ba tabbas ta iso a kan lokaci, ta fi dacewa da a buɗe mata tun da wuri. Mata da dama dai sukan zaɓi a haɗa musu ciwon ya zama guda ranar haihuwa.

A ɗauki misalin mace mai cikin fari, 'yar shekara 20, da aka kawo ƙaramin asibiti da naƙuda, ba ta taɓa zuwa awo ba. Da aka duba sai aka tarar da marfin fata ya rufe gaba, kafar da ta rage da ƙyar take karɓar yatsa guda. Matsalar farko ita ce ungozoma ba za ta iya auna buɗewar bakin mahaifa ba, wanda ake jira ya kai santimita 10. Sai ta koma ga abin da hannu zai gaya mata ta saman ciki. Tana lalubar kan jariri a saman ƙashin mara, tana ƙiyasta shi kashi 5: in yatsu 5 suka rufe abin da ake ji, kan bai shiga ƙugu ba, in ya rage kashi 2 ko ƙasa da haka, ya shiga. Tana ƙirga murɗawar mahaifa cikin minti 10, tana sauraren zuciyar jariri duk rabin awa, tana son ta ji bugu 110 zuwa 160 a minti. A wannan mata, kashi 1 kawai ake ji, naƙuda tana zuwa da ƙarfi, bugun zuciya 140. Wannan ya nuna kan ya sauka, ƙashi ba shi ne cikas ba. Da a ce sa'o'i sun shuɗe kan yana nan sama duk da naƙuda mai ƙarfi, ga mafitsara ta kumbura, ga fitsari da jini, da maganar ta zama ta neman mota zuwa inda ake tiyata.

Matsala ta biyu mafitsara ce. Cikakkiyar mafitsara tana hana kai sauka, tana kuma hana mahaifa tsukewa bayan haihuwa, ga shi ba a ganin inda za a sa robar fitsari. Wannan kaɗai ya isa dalilin buɗewa tun a matakin farko na naƙuda maimakon jiran kai ya bayyana. Ungozoma takan yi wa matar bayani, har da zane in ya yiwu, ta nemi yardarta. Sai ta wanke wurin, ta yi allurar kashe zafi ta lidokayin a tsawon layin tabon, ta dakata 'yan mintoci maganin ya kama. Yin wannan aiki ba allura zalunci ne, domin macen da aka danne aka yanka tana ƙarama tana iya jin ranar ta dawo mata, ta firgita, ta haɗe ƙafafu, ta ƙi a taɓa ta.

Da maganin ya kama, sai ta zura yatsa ɗaya ko biyu ta kafar, ƙarƙashin marfin, ta ɗaga shi ya rabu da abin da ke ƙasa. Yatsun su ne garkuwar bututun fitsari, da ta kan jariri in ya riga ya iso. Sai ta sa almakashi mai dakusasshen baki ta yanka tsakiyar tabon daidai, tana yin sama, har mafitar fitsari ta bayyana. A nan take tsayawa. Gaba da nan akwai ragowar ɗan tsaka, wanda sau da yawa yana nan a binne ƙarƙashin tabon, wuri ne mai jijiyoyin jini da yawa, in an yanke shi jinin yana da wuyar tsayarwa. Shi tabon kansa ba ya zubar da jini sosai. Kowane gefe sai a ɗinke bakinsa shi kaɗai da siririn zare mai narkewa, na dama daban, na hagu daban, don kada su sake mannewa. In an buɗe ne a daidai fitowar kai, ɗinkin yakan jira sai an haihu.

Yanzu ana iya dubawa ta ciki, a sa robar fitsari in da buƙata, a bi naƙudar yadda aka saba. Da bakin mahaifa ya gama buɗewa, ana sauraren zuciyar jariri duk minti 5. Sai bayan an buɗe marfin ne ake duba ko ana buƙatar ƙari, kuma sau da yawa ba a buƙata. Ungozomar da ba ta saba da nau'i na 3 ba takan yi akasin haka: ta yi ƙari ta ƙasa kamar yadda aka koya mata, ta bar marfin a rufe. Kan jariri sai ya ci gaba da dannawa baya, ƙarin ya ƙara yagewa har ya kai ga tsokar da ke riƙe dubura, ko kuma marfin ya fashe da kansa ta inda ya ga dama, har ya taɓa bututun fitsari. Macen da tsokar duburarta ta tsage ba a gane an ɗinke ba tana iya rasa ikon riƙe iska da bayan gida. Jaririn kuma, muddin ya daɗe a bakin hanya ana matsa shi, iskar da ke isa gare shi raguwa take yi, shi ya sa ake ajiye jakar hura iska da abin rufe hanci kusa da gado tun kafin ya fito.

Cikin minti ɗaya da fitowar jariri ana yi wa uwar allurar oksitosin, awo 10, a cinya, don mahaifa ta tsuke. Zubar jinin da ya kai mililita 500, wato rabin lita, shi ake kira zubar jini bayan haihuwa, kuma a nan ma akwai rarrabewa. Ungozoma takan ɗora hannu a mara. In mahaifa ta yi laushi, daga ciki jinin yake, sai a murza ta, a ƙara magani, a duba ko mabiyiya ta fita duka. In ta yi tauri kamar ƙwallo amma jini ja yana ci gaba da tsiyaya, daga tsaga yake, kuma ga mai kaciya wannan ne abin da ake fara zargi. Sai a kawo fitila mai kyau a duba tun daga sama: gefen ɗan tsaka, gefen mafitar fitsari, bangon farji, har zuwa dubura. Tsagar da ke kusa da mafitar fitsari ba a ɗinke ta sai an sa roba tukuna, don kada zare ya kama bututun. Macen da ta zo da ƙarancin jini tun da ciki ba ta jure ko matsakaiciyar zuba, saboda haka ana sa mata ƙarin ruwa da wuri, a nemi masu ba da jini cikin dangi.

Wadda aka kawo bayan an riga an yi mata yankan gishiri a gida, ana fara tsayar da jinin ne, a ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta da rigakafin sarƙewar haƙora, sannan a nemi ainihin abin da ya tsayar da naƙudar, wanda sau da yawa tiyata yake buƙata. Lokacin da yoyo ya fara yana nuna musabbabinsa. Hudar aska nan take take zubar da fitsari. Ta doguwar naƙuda kuwa sai bayan kwanaki, idan naman da kan jariri ya danne a jikin ƙashi ya mutu ya zube. Don haka duk wadda ta sha doguwar naƙuda ana barin robar fitsari a jikinta mako 1 zuwa 2, ta riƙa shan ruwa da yawa. In yoyon ya riga ya bayyana, barin robar mako 4 zuwa 6 yakan sa ƙaramar huda sabuwa ta rufe da kanta. Wadda ba ta rufe ba sai a tura ta cibiyoyin gyara, irin na Babbar Ruga a Katsina, ko sashen Laure a asibitin Murtala Muhammad da ke Kano, ko na Danja kusa da Maraɗi.

Akwai abin da ungozoma ba ta yi ko an roƙe ta, wato mayar da marfin yadda yake. A Sudan an san al'adar sake ɗinke mace bayan kowace haihuwa, kuma wani lokaci ita mai jegon ce da kanta take nema, don haka ta san jikinta tun tana yarinya, ko don tsoron abin da miji da uwar miji za su ce. Kowane buɗewa da rufewa yana ƙara kaurin tabon, haihuwa ta gaba ta fi ta baya wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana ma'aikatan lafiya yin wannan ɗinki, kamar yadda ta hana su yin kaciyar ita kanta. Nijar ta haramta kaciyar mata a dokarta tun 2003, Nijeriya a 2015, Sudan a 2020. Ƙin yi kaɗai dai ba ya wadatarwa, domin akwai mai yi a unguwa bayan an koma gida. Abin da ya fi tasiri shi ne a yi maganar tun lokacin awo, a sa mijin a ciki in matar ta yarda.

Kafin sallama ana gaya mata sauyin da za ta gani, don kada ta tsorata. Fitsarin da ta saba yi ɗis-ɗis na tsawon mintoci yanzu zai fito da ƙarfi da ƙara, jinin biƙi da na al'ada za su zubo ba tare da taruwa ba, wurin kuma zai fi da danshi. Ana koya mata ta wanke da ruwa mai tsabta bayan kowane fitsari, ta riƙa raba gefe biyun a hankali kullum har su warke, ta jinkirta saduwa mako 4 zuwa 6. Ruwan wankan jego ya zama mai ɗumi, ba tafasasshe ba, kuma kada a cusa ganye ko gishiri ko kanwa a kan ɗinkin. Zazzaɓi, ko wari, ko kumburi, ko kasa yin fitsari, ko jin jiƙa ba tare da saninta ba, kowanne dalili ne na komawa asibiti a ranar. In kuma jaririyar mace ce, ana tattauna batun kaciyarta da iyaye da kaka kafin su bar asibiti, domin a ƙasar Hausa cikin kwanakin farko, kafin suna ko ranar suna, ake kiran wanzami.